Kafin ɗan makullin nan ya tsallake iyaka

Yawancinmu da muke jami'a yanzu a watan Yunin 2021 muka san VPN, lokacin muna tsakiyar karatun sakandare kamar ku. Ranar Juma'a 4 ga watan gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Tuwita, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari da safe shafin ya daina buɗewa a duk layukan waya. Ba a yi kwana biyu ba, daga masu cajin waya a kasuwar Birnin Kebbi har samarin da ke zaman majalisa a Argungu, kowa ya iya sauke wata manhaja, ya danna maɓalli guda, sai ga ɗan hoton makulli ya bayyana a saman waya, Tuwita kuma ya dawo kamar ba a taɓa rufe shi ba.

A ranar 5 ga Yuni ɗin, ofishin Antoni-Janar kuma Ministan Shari'a, Abubakar Malami, wanda ɗan Birnin Kebbi ne, ya ba da umarnin a gurfanar da masu karya dokar dakatarwar. Nan take lauyoyi suka tambaya: wace doka? Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a hukunta mutum a kan wani laifi ba sai an bayyana laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka, kuma babu wata doka da majalisa ta yi da ta haramta shiga Tuwita ko amfani da VPN. Ranar 22 ga Yuni kotun ECOWAS ta hana gwamnati gurfanar da kowa kafin ta gama sauraron ƙarar. An buɗe Tuwita ranar 13 ga Janairun 2022, sannan a watan Yulin shekarar kotun ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.

Darasin da tsararmu ta ɗauka daga wannan wata bakwai shi ne: in an rufe ƙofa, ka bi ta taga, barazana kuma ba ta wuce baki. A Najeriya, a wancan lokacin, haka ɗin ne. Sai dai abin da ya kare mu ba wayonmu ba ne, ba kuma ƙarfin manhajar ba. Rashin rubutacciyar doka ne. Wannan kariyar kuwa ba ta shiga jirgi da mutum. Akwai ƙasashen da dokar tana nan a rubuce, da lambar sashe, da adadin tara, da shekarun ɗauri, kuma daga cikinsu akwai waɗanda yayyenmu suka fi zuwa neman kuɗi.

Bari mu fara gyara wata fahimta, domin a kanta ne mutane da yawa suke gina ƙarfin halinsu. Ana cewa VPN na ɓoye mutum. Abin da yake yi shi ne ya ƙulle bayanan da ke fita daga wayarka, ya tura su zuwa wata na'ura a wata ƙasa, daga can su wuce inda kake so. Shafin da ka shiga zai ga adireshin IP na waccan na'urar maimakon naka, kamfanin layinka kuma ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Amma ku tuna da motar shinkafa da aka lulluɓe da tampol ta nufi iyakar Kamba. Jami'in kwastan bai san abin da ke ƙarƙashin tampol ɗin ba, gaskiya ne, amma yana ganin motar, yana ganin tampol ɗin, ya san daga inda ta taso da inda ta dosa. Haka kamfanin layi yake ganin cewa duk bayananka suna tafiya zuwa adireshi ɗaya a ƙulle, adiresoshin manyan kamfanonin VPN kuwa sanannu ne. VPN na ɓoye kayan da ke cikin mota, ba ya ɓoye kansa. In kuma aka karɓi wayar a hannu, ba a ma bukatar wani bincike: manhajar na nan a kan fuska.

Saboda haka tambayar da muka saba yi, wato “VPN halas ne a ƙasa kaza ko haram?”, tambaya ce da aka cusa wa abubuwa uku. Akwai hukuncin manhajar kanta. Akwai hukuncin abin da ka aikata da ita. Akwai kuma batun wane ne ya ba ka ita: kamfanin da kake wa aiki, ko kai ka sauke ta da kanka. Ƙasa ɗaya na iya cewa “to” a kan na farko, ta ɗaure ka a kan na biyu.

Mun ga yadda waɗannan ukun suke rabuwa lokacin da yayan ɗaya daga cikinmu, mutumin Argungu, ya samu aikin lissafin kaya a wani kamfani a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A wayarsa akwai VPN na kyauta tun zamanin Tuwita, kamfanin kuma ya gaya masa za a ba shi kwamfuta mai ɗauke da VPN na ofis. Ya tambaye mu, tunda mu ne “'yan boko masu kwamfuta” a gidan, ko akwai matsala. Wani abokinsa da ya riga shi zuwa ya ce masa kowa na yi a can, kada ya damu. Wani kuma ya turo masa saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa duk wanda aka kama da VPN a Dubai sai ya biya miliyan biyu. Muka ce masa: “Yaya, ba mu kwana biyu mu nemo dokar kanta.”

Dokar ita ce ta tarayya mai lamba 34 ta shekarar 2021, kan yaƙi da jita-jita da laifukan intanet, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Janairun 2022. Sashe na 10 ne ya shafe mu. Ma'anarsa ita ce: wanda ya yi dabara ya sauya adireshin IP, ta hanyar amfani da adireshin wani ko ta kowace hanya, da nufin aikata laifi ko hana a gano laifin, hukuncinsa ɗauri ne da tarar da ba ta gaza dirhami 500,000 ba kuma ba ta wuce 2,000,000 ba, ko ɗaya daga cikin biyun.

Ku sake karanta jimlar a hankali, domin duk nauyinta yana kan kalmomin nan: “da nufin aikata laifi ko hana a gano shi”. Saƙon WhatsApp ɗin ya faɗi adadin daidai, amma ya yar da sharaɗin. Abokin kuma ya ga sharaɗin, ya manta da adadin. Ba mallakar VPN sashen ya haramta ba. Tun a 2016 hukumar sadarwar ƙasar, wadda yanzu ake kira TDRA, ta fito ta bayyana cewa babu abin da ya hana kamfanoni da bankuna da ma'aikatu amfani da VPN don shiga rumbun bayanansu na cikin gida. To kwamfutar ofis ta fita daga zargi, muddin aikin ofis ake yi da ita.

Matsalar tana wajen wayar. Muka tambaye shi: “Yaya, me za ka yi da shi a can?” Ya ce abu ɗaya ne, ya riƙa kiran Inna ta WhatsApp. A nan ne maganar ta yi tsauri. A ƙasar, kiran murya da na bidiyo ta intanet abu ne da sai da lasisi, kuma kiran WhatsApp a toshe yake, ko da yake rubutaccen saƙo na tafiya. Akwai manhajojin da hukumar ta amince da su, irin su Botim. Wanda ya kunna VPN don ya tsallake toshewar da hukuma ta yi, ya kai kansa inda za a iya karanta masa sashe na 10, kuma ba shi ne zai yanke hukuncin ko abin da ya yi “laifi” ne ba. Ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da alƙali ne za su yanke, da Larabci, a ƙasar da ba shi da kawu ko ɗaya. In kuwa abin da aka buɗe da VPN ɗin caca ce marar lasisi, irin wadda samari da dama suka saba bugawa a kan ƙwallo, ko shafukan batsa, to ba ma sauran wata muhawara, domin waɗannan laifuka ne da kansu.

Sai muka yi masa lissafi. An ɗaure darajar dirhami da dala, kusan dirhami 3.67 a dala ɗaya, don haka mafi ƙarancin tarar ya kai kimanin dala 136,000. A ɗauka albashin mutum dirhami 2,000 ne a wata. Dirhami 500,000 albashin wata 250 ke nan, wato kusan shekara 21 bai ci ba, bai sha ba, bai aiko gida ba. Mun san mutane da yawa suna kunna VPN a can suna kwana lafiya. Amma lissafin matafiyi ba “mutum nawa ake kamawa” kaɗai ba ne, har da “in ni aka kama, me zan rasa”. Sau da yawa ba VPN ɗin ke jawo binciken waya ba. Wata rigima ce daban, da maigida ko da abokin zama, take sa waya ta shiga hannun hukuma, sai a tarar da abin da aka tarar. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A wannan batu, mu dai ba mu yarda da karin maganar nan ba. Ɗan gari ya san wanda zai kira in abu ya ɓaci, baƙo kuwa bizarsa a hannun wani take.

Wani abu da muka lura da shi a wajen neman dokar zai yi muku amfani a kowace ƙasa. Shafuka da yawa da suka fara fitowa suna ambaton “sashe na 9 na doka mai lamba 5 ta 2012”. Wannan tsohuwar doka ce, an yi mata gyara a 2016, sannan ta 2021 ta maye gurbinta gaba ɗaya. Duk rubutun da ka ga yana kafa hujja da ita a matsayin doka mai ci, ka san mai shi bai sake duba aikinsa ba tun kafin 2022. Don haka abu na farko da muke nema a kowane bayani shi ne lambar doka, da shekara, da sashe. In babu su, jita-jita ce ko da an rubuta ta da Turanci mai kyau. Jerin nan na “ƙasashen da aka haramta VPN” kuwa, ku duba wanda ya wallafa shi. Galibi kamfanin da ke sayar da VPN ne, kuma a ƙarshen shafin zai ce ka sayi nasa domin ba a gane shi. Mai sayar da tampol ba shi ake tambaya dokar kwastan ba.

Inda ake tambaya shi ne hukumar sadarwa ta ƙasar, takwarar NCC tamu: TDRA a Daular Larabawa, CST a Saudiyya, ARCEP a Nijar. Bayan nan akwai shafukan shawarar tafiye-tafiye da wasu gwamnatoci, kamar ta Birtaniya, suke wallafawa ƙasa-ƙasa don 'yan ƙasarsu, kowa na iya karantawa kyauta, kuma suna rubuta ranar da aka sabunta su. Ranar nan tana da muhimmanci, domin hukunci na iya sauyawa a yini ɗaya. A Brazil babu wanda ya damu da VPN, sai ranar 30 ga Agustan 2024 wani alƙalin kotun ƙoli, Alexandre de Moraes, ya ba da umarnin rufe X, wato tsohon Tuwita, ya kuma sa tarar riyal na Brazil 50,000 a kowace rana a kan wanda ya shiga ta VPN. A watan Oktoba aka buɗe. Wanda ya yi bincikensa a watan Yuli ya sauka a Satumba, ya sauka da tsohon labari. Shi ya sa muke ganin a duba sau biyu: lokacin neman biza, da kuma makon tashi.

Daular Larabawa na kallon abin da ka aikata. Chaina, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa Guangzhou sayen kaya, ita manhajar kanta take kallo. Tun a 1996 dokarta ta ce duk wata hanyar intanet da za ta fita ƙasar waje sai ta bi ta ƙofofin da gwamnati ta tanada, kuma a Janairun 2017 ma'aikatar da ke kula da masana'antu da fasahar sadarwa ta jaddada cewa ba a kafa ko a yi hayar VPN mai tsallake iyaka sai da izini. Kamfanonin waje na samun nasu ta hanyar hayar layi daga kamfanonin sadarwa na gwamnati. A can, tambaya ta uku, wato wa ya ba ka, ita ce ke raba mai gaskiya da mai laifi.

Akwai wani lamari da ya kamata duk mai mafarkin aikin intanet ya sani. A 2023 'yan sanda a birnin Chengde, a lardin Hebei, suka hukunta wani mai rubuta manhajar kwamfuta, ɗan ƙasar, wanda ya yi wa wani kamfanin Turkiyya aiki daga gida daga 2019 zuwa 2022. Ba sata ya yi ba, ba zamba ba. An ce ya yi amfani da hanyar da ba a ba da izini ba wajen haɗuwa da intanet ɗin waje. Tarar da aka ci shi yuwan 200 ce kacal, kuɗin da bai kai dala 30 ba. Amma sai aka kira abin da ya samu a shekarun nan “haramtaccen kuɗi”, aka ƙwace yuwan miliyan ɗaya da dubu 58, sama da dala 140,000. Wanda ya tsaya a karanta adadin tara kawai zai ce abin bai taka kara ya karya ba. Hukuncin gaske yana cikin ikon ƙwace abin da aka samu ta hanyar da aka haramta. In kana bincike a kan ƙasar da za ka yi aiki a cikinta, kada ka rufe littafi daga ganin tara.

Ba sai an hau jirgi ake shiga wata ƙasa ba, mu a nan mun fi kowa sani. Daga Argungu mutum na iya karyawa da safe, ya bi ta Kangiwa zuwa Kamba, ya yi azahar a Gaya. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, har mutum ya manta ya sauya ƙasa sai wayarsa ta kama layin Nijar. To dokar ma ta sauya tare da layin. Nijar na da dokar laifukan intanet ta 2019, kuma a watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna, da zagi, da yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ta hanyar intanet. Abin da aka rubuta ake hukuntawa, kuma VPN ba ya goge sunanka daga saman saƙon da ka tura a zauren WhatsApp na 'yan uwa.

Shi dai yayan namu, ga abin da aka yi. Ya rubuta wa ofishin ma'aikata na kamfanin yana tambaya ko VPN ɗin kwamfutar na kamfani ne, kuma me aka yarda a yi da shi. Suka amsa a rubuce cewa nasu ne, na aikin ofis kaɗai. Ya adana amsar a waya, ya kuma buga ta a takarda ya haɗa da takardar ɗaukar aiki. Maganar baki ba ta tsaya wa mutum a gaban hukuma, kuma wanda ya faɗa maka ita yana iya barin aiki gobe. Aka sa wa ƙanwarsa Botim a wayarta, aka gwada kira tun yana gida, don Inna ta saba da inda ake dannawa.

Sai aka zo kan wayarsa, aikin da muka zaci na minti ɗaya ne. Goge manhajar da ka sani bai isa ba, sai ka shiga inda wayar ke jera duk abin da aka ba izinin zama VPN. A yawancin wayoyin Android wurin shi ne `Settings > Network & internet > VPN`, ko da yake wasu kamfanonin waya na ɗan sauya sunayen, don haka rubuta `VPN` a gurbin bincike na `Settings` ya fi sauri. A iPhone kuwa `Settings > General > VPN & Device Management` ne. A jerin nasa mun tarar da uku. Ɗaya ita ce ta zamanin Tuwita. Ta biyu irin manhajojin nan ne na samun data kyauta da samari ke tura wa juna, wadda bai taɓa ɗauka a matsayin VPN ba, alhali ita ma ta wannan hanyar take aiki, shi ya sa makulli ke fitowa in an kunna ta. Ta uku an kunna mata `Always-on VPN`, ma'ana da zarar wayar ta kama intanet ɗin filin jirgi za ta haɗu da kanta, tun kafin ya kai gaban jami'in shige da fice. Bayan an cire su muka duba manhajar shiga intanet, domin wasu, kamar Opera, suna da nasu VPN a ciki wanda ake kunnawa daga saitinsu, aka kashe shi. Muka kashe wayar muka kunna, muka haɗa ta da intanet, muka duba saman fuska: babu makulli.

Tikitinsa na da tsayawar awa shida a wata ƙasa kafin ya isa. Muka buɗe sabon shafi a littafinmu, muka rubuta sunanta a sama, muka fara neman hukumar sadarwarta.